Jami'in haraji ya faɗa maka hukunci da baki: yadda za ka same shi a rubuce

Mutum yakan je ofishin haraji da matsala, jami'in da ke kanta ya duba kwamfuta ya ce masa "an yafe", ko "ba za a mayar maka da kuɗin ba", ko "kuskurenmu ne, za mu gyara", ya koma gida babu ko guntuwar takarda a hannunsa. Tambayoyin da ke ƙasa na mutanen da suka sami kansu a wannan hali ne. Dokokin haraji sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk inda aka ambaci wa'adi ko sashen doka an faɗi ƙasar da yake aiki, kuma wa'adin da ke rubuce a jikin takardarka shi ne wanda ya shafe ka.

Abin da jami'i ya faɗa mini a kanta, hukunci ne ko kuwa magana ce kawai?

Sai ka fara tantance wannan kafin ka nemi komai, domin abubuwa uku ne ke fitowa daga bakin jami'in kanta, kuma duka ukun da murya ɗaya ake faɗarsu.

Akwai bayani, inda yake gaya maka abin da doka ta ce ga kowa: wane fom ake cikawa, yaushe ake rufe karɓar bayanin kuɗin shiga. Akwai labarin hukunci, inda yake karanto maka abin da wani ya riga ya yanke a fayil ɗinka, kamar ya ce an ƙi amincewa da buƙatarka tun makon jiya. Akwai kuma hasashe, inda yake faɗa maka abin da yake ganin za a yi idan takardarka ta kai teburin mai yanke hukunci. Na ukun nan ne ya fi jefa mutane cikin asara, domin jami'in yakan faɗe shi da zuciya ɗaya, sau da yawa ma gaskiyarsa ce, amma ba shi ne ke da ikon sa hannu ba.

A yawancin ofisoshin haraji aikin mai zama a kanta shi ne karɓar takardu da ba da bayani. Ikon ƙiyasta haraji, da yafe tara, da amincewa a mayar da kuɗi, yana hannun wasu jami'ai da aka ba su wannan iko a rubuce, kuma sau da yawa girman kuɗin ne ke nuna wanda zai sa hannu. Saboda haka tambaya ɗaya ce ke warware maka lamarin tun kana tsaye: "Ranka ya daɗe, wannan an riga an shigar da shi a fayil ɗina ne, ko kuwa abin da ake sa ran za a yi ne?" Idan ya ce an shigar, ka nemi kwanan watan da aka shigar da lambar takardar. Idan babu kwanan wata, babu lamba, to ka ɗauka cewa ba a yanke komai ba tukuna.

Tunda jami'in ya yi mini magana mai daɗi, mene ne na matsa sai an rubuta?

Saboda maganarsa ba ta tsayar da wa'adi. Misali zai fi bayyana wannan. Alƙaluman na misali ne, ka sa musu kuɗin ƙasar da kake.

Wata mai ƙaramar sana'a ta bayyana cewa ribarta ta shekara 800,000 ce, ta biya harajinta a kan haka. Sai ofis ya aiko mata da takardar ƙarin ƙiyasi mai kwanan wata 3 ga Maris, wadda ta iso hannunta ranar 6 ga Maris. An ƙara mata 300,000 a kan abin da ta bayyana, domin wani kamfani da ta yi wa aiki ya sanar da ofis cewa ya biya ta wannan adadi. A kan kashi 20 cikin ɗari, ƙarin harajin ya kama 60,000. Gaskiyar lamarin ita ce 300,000 ɗin nan yana cikin lissafin da ta riga ta bayyana, an ƙirga shi sau biyu ne. A jikin takardar an rubuta cewa tana da kwana 30 ta shigar da ƙorafi idan ba ta amince ba.

Ranar 12 ga Maris ta je ofis da littafin cinikinta da bayanin asusunta na banki. Jami'in ya duba, ya ga abin a fili, ya ce mata, "Hajiya, kada ki damu, kuskure ne, za a gyara." Ta yi godiya ta tafi. Bai karɓi komai daga hannunta ba, bai ba ta komai ba.

Idan dokar ƙasarta daga ranar da takarda ta iso take ƙirge, kwana 30 ɗin sun cika ranar 5 ga Afrilu. Idan daga kwanan watan da ke jikin takardar ne, tun 2 ga Afrilu sun cika. Ko wanne ne, a watan Mayu da takardar neman biya ta zo mata, 60,000 ɗin ya riga ya zama bashin da ya tabbata, an kuma fara ɗora masa kuɗin ruwa. Jami'in bai yi mata ƙarya ba. Mai yiwuwa ya rubuta ɗan bayani ya ajiye, aiki ya sha kansa, ko an sauya masa wurin aiki. Amma a idon doka abu ɗaya ne ya faru: an ba ta takardar ƙiyasi, ba ta yi ƙorafi cikin wa'adi ba. Yanzu aikinta ya zama biyu. Sai ta fara roƙon a karɓi ƙorafinta duk da ya makara, ta kawo dalilin da zai gamsar, sannan a zo ga batun ƙirga kuɗi sau biyu, wanda da wasiƙa mai layi goma ta isa ta warware shi a watan Maris.

Abin da ya kamata ta yi ranar 12 ga Maris shi ne ta miƙa ƙorafinta a rubuce a wannan kantar, ga wannan jami'in, ta karɓi kwafi mai hatimi. Wannan ba rashin yarda da shi ba ne. Ƙorafin ma taimaka masa zai yi, domin shi ne takardar da zai dogara da ita ya buɗe fayil ɗin ya gyara.

Idan kuma hana ni aka yi da baki fa?

Nan matsalar ta juya. Hanyar ƙorafi da ta ɗaukaka ƙara an gina su ne a kan hukunci, kuma abu na farko da sashen ƙorafi ko kotun haraji za su tambaye ka shi ne kwafin hukuncin da kake ƙalubalanta, da kwanan watansa. Wanda aka ce masa "ba ka cancanci a mayar maka da kuɗi ba" a kanta, ya juya ya tafi da fom ɗinsa a hannu, ba shi da abin da zai ƙalubalanta. A rajistar ofishin ma bai taɓa nema ba. Alhali neman a mayar da kuɗin da aka biya fiye da ƙa'ida shi ma yana da wa'adinsa, kuma yana ci gaba da tafiya.

Don haka kada ka bari a ƙi buƙatarka kafin a karɓe ta. Ka ce cikin ladabi ka ji bayaninsa, amma kana so a karɓi takardar a shigar da ita, a ba ka amsa a rubuce, ko da amsar ƙi ce. Takardar ƙi mai ɗauke da dalili ta fi maka amfani nesa ba kusa ba a kan ƙi na fatar baki. Da ita za ka san ko takarda ce ta rage ka kawo, ko fassarar doka ce kuka saɓa a kai, kuma ita ce ke buɗe maka ƙofar mataki na gaba.

Doka ta ba ni haƙƙin a rubuta mini, ko alfarma nake nema?

Ya danganta da abin da kake so a rubuta. Idan hukunci ne da ya taɓa aljihunka kai tsaye, kamar ƙiyasin haraji, ko tara, ko amsar ƙorafi, kusan ko'ina doka ta ce ta hanyar takardar sanarwa ake isar da shi, a kan takarda ko ta akwatin saƙonka na shafin hukumar. A nan haƙƙinka kake nema.

Wasu ƙasashen sun ma yi tanadi a kan ainihin halin da muke magana a kai. A Jamus, sashe na 119 na babbar dokar tafiyar da haraji ya yarda hukuma ta yanke wasu hukunce-hukunce da baki, amma ya wajabta mata tabbatar da su a rubuce idan wanda abin ya shafa yana da dalili na halal kuma ya nemi hakan ba tare da jinkiri ba. Ka lura da sharaɗin na ƙarshe: wanda ya bari sai bayan watanni ya dawo yana nema, ya raunana haƙƙinsa da kansa. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin dokar tafiyar da haraji ta 2011, wanda bai gamsu da ƙiyasi ba yana iya neman a ba shi dalilan ƙiyasin a rubuce kafin ya shigar da ƙorafi.

Idan kuwa bayani ne ko shawara, ba kowace ƙasa ce ta tilasta wa ofis ya rubuta maka ba. Ostareliya misali ce mai ban sha'awa: dokarta ta amince da fatawar haraji ta baka ga ɗaiɗaikun mutane a kan lamura masu sauƙi, kuma fatawar tana ɗaure hukumar, amma ba a ba ka ita a rubuce. Abin da ake ba ka shi ne lambar rajistar fatawar. Ko a can ɗin ma, kenan, lambar ce hujjarka. Mai son takarda sai ya bi hanyar neman fatawa a rubuce.

Me zan yi tun ina gaban kanta?

Ka nemi abin da jami'in zai iya bayarwa nan take ba tare da ya nemi izinin kowa ba: a buga maka bayanin asusunka na haraji kamar yadda yake a kwamfuta ran nan, a ba ka lambar da aka yi wa ziyararka ko buƙatarka rajista, a buga hatimin karɓa a kan kwafin duk takardar da ka miƙa. Ka tambayi sunansa da sashensa, ka kuma tambayi wanda ke da ikon sa hannu a kan irin lamarinka, domin shi za ka rubuta wa. Kafin ka tashi, ka maimaita masa abin da ka fahimta da kalmominka: "Wato, Yallaɓai, za a cire 300,000 ɗin, kuma ba sai na biya 60,000 ba kafin a gyara?" Sau da yawa a wannan maimaitawar ce za ka ji ya ce a'a, biya dai sai ka biya, ko ya ce ai sai shugaban sashe ya amince.

Da ka fita, kafin ka manta, ka rubuta kwanan wata da lokaci da lambar kanta da abin da aka faɗa. Rubutun da aka yi a ranar ya fi wanda aka tuno bayan wata uku nauyi a gaban duk mai sauraron ƙorafi.

Yaya wasiƙar za ta kasance?

Gajeriya, batu ɗaya, kuma a aika ta a ranar ko washegari. A sama ka sa sunanka, da lambarka ta mai biyan haraji, da irin harajin, da shekarar da ake magana a kai, da lambar takardar da ofis ya aiko maka. Wasiƙar da babu waɗannan takan yi yawo tsakanin tebura ba ta haɗu da fayil ɗinta ba. Ga yadda ta mai sana'ar nan za ta kasance:

"Ranar 12 ga Maris na zo ofishinku game da takardar ƙarin ƙiyasi mai kwanan wata 3 ga Maris. Na nuna wa jami'in kanta cewa 300,000 da aka ƙara mini yana cikin lissafin ribar 800,000 da na riga na bayyana. Ya shaida mini cewa kuskure ne kuma za a gyara. Ina roƙon a tabbatar mini da haka a rubuce, a kuma ba ni gyararriyar takardar ƙiyasi. Idan ofis yana da wani ra'ayi dabam, ina roƙon a ba ni hukuncin a rubuce, tare da dalilansa, da sashen dokar da aka dogara da shi, da hanyar da zan bi in ƙalubalance shi. Domin kada wa'adi ya wuce ni, ina so a ɗauki wannan wasiƙa a matsayin ƙorafina a kan ƙiyasin: ban amince da ƙarin harajin 60,000 ba, bisa dalilin da na ambata. Na haɗo kwafin littafin ciniki da bayanin asusun banki."

Jimloli biyun ƙarshe su ne suka fi komai muhimmanci, amma akwai abin lura. Wasu hukumomin ba sa karɓar ƙorafi sai a kan fom na musamman ko ta shafinsu na intanet, wasu kuma suna sharɗanta a biya ɓangaren harajin da ba a jayayya a kansa kafin ƙorafi ya inganta, kamar yadda yake a Kenya. Ka karanta bayan takardar ƙiyasin, can ake rubuta hanyar. Idan akwai fom, ka cika shi, ka haɗa wasiƙar a bayansa.

Kada ka zargi jami'in a cikin wasiƙar, kada kuma ka ƙara wa maganarsa gishiri. Idan "ina ganin za a gyara" ya ce, haka za ka rubuta. Za a iya tambayarsa, kuma idan ya ga an sa masa magana a baki zai musanta duka, har da ɓangaren da ya faɗa da gaske.

Idan na rubuta cewa "in ban ji daga gare ku ba cikin mako biyu, na ɗauka kun amince", hakan zai ɗaure su?

A'a. Mutane suna son wannan jimla, amma ba kai ne ke ba shirun hukuma ma'ana ba, doka ce. Wasiƙarka hujja ce cewa ka faɗi abin da aka gaya maka a kan lokaci kuma ba a musanta ba, wannan yana da amfani idan aka zo neman a yafe maka tara, amma ba ta zama hukunci don ba a amsa ta ba.

Inda shiru ke da ma'ana, doka ce ta faɗa, kuma yawanci a kan ƙorafin da aka shigar bisa ƙa'ida ne. A Kenya, dokar hanyoyin haraji ta 2015 ta ba hukumar kwana 60 ta yanke hukunci a kan ƙorafi, idan ba ta yi ba ana ɗauka ta amince da shi. A Faransa shirun ba amincewa ba ne, amma idan wata shida suka wuce ba a amsa ƙorafinka ba, kana iya wucewa kotu kai tsaye. Duka biyun suna amfanar wanda ya shigar da takarda kuma yake da shaidar ranar da ya shigar. Wanda ya tsaya a maganar kanta, ko shekara ya yi yana jira, babu agogon da ke ƙirga masa.

Wace hanya ce ta fi tabbas wajen miƙa wasiƙar?

Wadda za ta bar maka shaidar kwanan wata daga ɓangarensu. Idan da hannu ne, ka tafi da kwafi biyu a buga wa naka hatimi mai kwanan wata a sa hannu. Idan ta shafin hukumar ne, ka adana shafin tabbacin karɓa da lambarsa. Idan ta gidan waya ne, ka yi rajista ka ajiye rasit. Imel zuwa adireshin jami'i ɗaya shi ne mafi rauni, domin ba kowace hukuma ce ke ɗaukarsa a matsayin shigar da takarda ba. Kuma kada ka taɓa miƙa ainihin rasit ɗin biya ko littafin cinikinka. Kwafi ake bayarwa, ainihin a nuna a dawo da shi.

Na bi shawarar da jami'i ya ba ni da baki, daga baya aka ci ni tara. Ina da mafita?

Akwai, amma ƙarama ce, kuma ya kamata a faɗi gaskiya a kanta. Harajin kansa doka ce ta ɗora shi, kuma kuskuren jami'i ba ya goge shi a mafi yawan lokuta. Abin da ake iya samu shi ne sassauci a kan tara.

Dokar Amurka ta nuna bambancin baki da takarda ƙarara. Sashe na 6404(f) na kundin harajin tarayya ya wajabta wa hukumar ta soke tarar da ta samo asali daga shawarar kuskure da jami'inta ya bayar a rubuce, da sharaɗin cewa shawarar amsa ce ga takamaimiyar tambaya da mai biyan haraji ya yi a rubuce, ya dogara da ita bisa hankali, kuma bai ɓoye ko ya gurɓata bayani ba. Ana neman wannan da fom mai lamba 843. Shawarar baka ba ta shiga wannan sashe. Ana iya duba ta a matsayin uzuri, amma sai hukumar ta gamsu, kuma a nan ne za a tambaye ka wa ya faɗa, yaushe, me ka tambaya daidai. Rubutun da ka yi ranar ziyara da wasiƙar da ka aika washegari su ne za su amsa maka.

A Birtaniya kotu ta shimfiɗa ma'auni a shari'ar kamfanin MFK a 1989, wanda har yanzu ake bi: kafin mutum ya riƙe hukumar haraji da maganarta, sai ya kasance ya bayyana mata dukkan gaskiyar lamarin bai rage komai ba, ya nuna cewa tabbataccen matsayi yake nema wanda zai dogara da shi, kuma amsar ta fito sarai babu harshen damo, babu sharaɗi. Hirar minti biyar a kanta, da layi a bayanka, da wuya ta cika waɗannan.

Ban riga na yi cinikin ba, so nake in san yadda za a ɗora masa haraji. Wasiƙar tabbatarwa ta isa?

Ba ta isa ba. Wannan na buƙatar fatawa ta musamman wadda hukumomi da dama ke bayarwa kafin a aiwatar da ciniki, kuma tana da hanyarta dabam: ka bayyana cinikin dalla-dalla, ka faɗi yadda kake ganin doka ta shafe shi, su amsa. A Jamus sashe na 89 na babbar dokar tafiyar da haraji ne ya tanade ta, ana biyan kuɗi a kanta, sai dai idan darajar harajin da ake tambaya a kai ba ta kai Yuro 10,000 ba. A Faransa hukumar tana da wata uku ta amsa irin wannan tambaya. Ko'ina ne, fatawar tana kare ka ne kawai idan abin da ka aikata ya yi daidai da abin da ka bayyana. Idan ka sauya tsarin cinikin bayan an ba ka amsa, kariyar ta tafi.

Takarda ta zo. Ta yaya zan gane ko ainihin hukunci ce?

Ka duba ko an ambaci sunanka da lambarka da shekarar harajin, ko akwai kwanan wata da lambar takarda, ko an faɗi sunan ko muƙamin wanda ya fitar da ita. Sannan ka nemi jimlar da ta yanke magana: an amince, an ƙi, an rage ƙiyasi zuwa kaza. Takardun da kwamfuta ke fitarwa sau da yawa ba su da sa hannu, kuma hakan bai rage musu ƙarfi ba a inda doka ta yarda da su. Alamar da ta fi nuna cewa hukunci ne ita ce sakin layin da ke gaya maka inda za ka kai ƙorafi da kwanakin da kake da su.

Wasiƙar da ta ce an karɓi buƙatarka ana dubawa ba hukunci ba ce. Haka ma wadda ta kwafo maka sassan doka, ta rufe da cewa bayani ne na gaba ɗaya wanda bai ɗaure hukuma ba. Idan irin wannan ka samu, ka sake rubutawa, ka ambaci lambarta, ka ce hukunci a kan lamarinka kake nema.

Ga mai sana'ar nan, wasiƙar da ta ce "mun ga kuskuren" ma ba ita ce ƙarshe ba. Abin da ke kashe bashin shi ne gyararriyar takardar ƙiyasi da ta nuna 800,000, sannan bayanin asusunta ya nuna an cire 60,000 ɗin tare da duk kuɗin ruwan da aka ɗora masa. Sashen ƙiyasi dabam, sashen karɓar bashi dabam, kuma na biyun abin da ke cikin asusu yake bi. Bayan mako biyu ko uku da samun takardar ya kamata ta nemi sabon bayanin asusu ta gani da idonta.

Abin da aka rubuto ya saɓa da abin da aka gaya mini. Wanne ne ke aiki?

Na rubuce. Kuma daga ranar da ya iso, ko daga kwanan watan da ke jikinsa, sabon wa'adi ya fara, don haka kada ka ɓata kwanakin wajen neman jami'in kanta ya zo ya yi maka shaida. Ka ƙalubalanci hukuncin da hujjar lamarin kansa, wato rasit da lissafi da sashen doka. Maganar kanta ka ajiye ta don batun tara.

Sun ƙi karɓar wasiƙar, ko sun karɓa sun yi shiru. Sai me?

Idan an ƙi karɓa a kanta, ka nemi ganin shugaban sashe. Idan bai yiwu ba, ka aika ta gidan waya da rajista ko ta shafin hukumar a ranar, ka ƙara layi ɗaya cewa ka kawo ta da hannu ranar kaza ba a karɓa ba.

Idan shiru ne, ka aika tunatarwa bayan lokacin da hukumar ta ɗibar wa kanta na amsa wasiƙu, wanda galibi yana cikin kundin haƙƙin masu biyan haraji da take wallafawa. Ka haɗa kwafin wasiƙar farko mai hatimi, ka aika wa shugaban ofishin. Bayan haka akwai sashen koke-koke na hukumar, kuma a wasu ƙasashe akwai ofishi mai zaman kansa na sauraron koken masu biyan haraji, kamar wanda Afirka ta Kudu ta kafa a 2013. Irin waɗannan ofisoshi suna duba jinkiri da rashin bin ƙa'ida ne, ba sa yanke yawan harajin da ke kanka, kuma kai musu kuka ba ya tsayar da wa'adin ƙorafi.

Haka kuma, a ƙasashe da yawa shigar da ƙorafi ba ya dakatar da neman biya. Idan ranar biya ta gabato ba a amsa maka ba, ko dai ka nemi a dakatar da karɓar kuɗin a wata takarda dabam, ko ka biya ka rubuta cewa ka biya ne ba tare da ka janye ƙorafinka ba. Idan kuɗin yana da yawa, ko an fara maganar riƙe asusunka na banki, lokaci ya yi da za ka kai fayil ɗin ga akanta ko lauyan haraji, tare da kwafin mai hatimi da rubutun da ka yi ranar ziyara.